Hoton ambaliyar Jidda: na yau ne ko na shekarun baya?

Malam, an turo mana hoto ta WhatsApp, motoci sun hau kan juna a wani lungu da laka har gwiwa, an rubuta a kansa "Jidda yau". Na sa shi a Google Lens, hotuna suka fito birjik, na rasa wanda zan kama. Mu buga ko mu bari?

Dakata tukuna, ɗana. Ruwan da aka yi da safe gaskiya ne, kuma shi ne ma abin da ke sa irin wannan hoto ya shiga zuciya, domin duk wanda ya ga gajimare da idonsa ba ya tambayar hoto. Jidda ta sha ambaliya ba sau ɗaya ba: ta 25 ga Nuwamba 2009 wadda ta ci rayuka fiye da 100, ta Janairun 2011, ta Nuwamban 2017, da ta 24 ga Nuwamba 2022 lokacin da aka auna ruwa kimanin milimita 179 cikin awa 6 a kudancin garin. Kowacce ta bar hotunan motoci a cikin ruwa, kuma duk lokacin da hadari ya haɗu sai su sake fitowa. Saboda haka ko da hoton nan na Jidda ne, ba a gama magana ba. Tambayoyi biyu ne a gabanka, ina ne, da kuma yaushe ne, kuma binciken hoto, wato ba injin bincike hoto ya nemo inda ya taɓa fitowa, ya fi ƙarfi a kan ta biyun.

Fara da gyara abin da za ka ba injin. Wanda ke hannunka hoton fuskar waya ne, akwai agogo da alamar batir a sama, akwai baƙin gefe, ga kuma jan rubutun da aka manna. Injin ba ya sanin wanne ne hoto wanne ne ƙari, duka yake haɗawa ya nemi mai kama da shi. Ajiye wanda aka turo yadda yake, kada ka taɓa shi. Yi kwafi, a kan kwafin za ka yi aiki. Yanke agogon da gefen, ka yanke rubutun in yana bakin hoto. In a tsakiya yake, bar shi, amma ka fitar da yanki biyu ko uku waɗanda rubutun bai taɓa ba: tulin motocin shi kaɗai, ginin da ke baya shi kaɗai, allon shago in akwai. Sannan ka yi kwafi ɗaya da ka juya dama ta koma hagu, kamar a madubi. Masu sake yaɗa tsohon hoto suna yawan juya shi, kuma in haka aka yi, rubutun allo ko lambar mota za su fito a birkice. Kafin ka bincika komai, sai ka ga kana da fayil huɗu ko biyar a gabanka.

Yanzu ga dalilin da ya sa ka ruɗe. Google Lens yana ba ka abu iri biyu. Akwai "Visual matches", wato hotuna masu kama da naka, akwai kuma "Exact matches", wato wuraren da wannan hoton shi kansa ya fito. Abin da ka gani birjik na farkon ne. A cikinsa za ka tarar da motocin da ruwa ya tara a yankin Balansiya ta Sifen a ƙarshen Oktoban 2024, da na Dubai a Afrilun 2024, da na wasu garuruwa da yawa, domin tulin mota a laka kama yake da ɗan'uwansa a ko'ina. Waɗannan ba hujja ba ne. Je ka kan "Exact matches". Google kan sauya sunayen maɓallan nan da wurin da suke daga lokaci zuwa lokaci, amma bambancin yana nan. Akwai kuma "About this image", wanda ke faɗa maka kusan tun yaushe Google ya fara ganin hoton. In ya ce hoton ya kai shekara goma, to "yau" ta riga ta faɗi.

Ko a cikin sakamakon da aka ce shi ne daidai, sai ka tabbatar da idonka. Buɗe naka a gefe ɗaya na allo, wanda ka samo a ɗaya gefen, ka nemi abubuwa uku da ba za su taɓa haɗuwa bisa katari ba. Misali farar motar da ke sama, ƙafarta ta gaba ta hagu a iska take a duka biyun? Tagar bene na biyu da na'urar sanyaya ɗaki ke rataye a ƙarƙashinta, ita ce? Mutumin da ya naɗe jallabiyarsa a bakin ƙofa, hannunsa a wuri ɗaya yake? Gini yana iya zama ɗaya a hoto biyu na shekaru daban, amma mutum ba ya tsayuwa iri ɗaya sau biyu, laka ma ba ta zana bango iri ɗaya. Abin da ke motsi shi ne shaidarka.

Daga nan ka wuce TinEye, wani injin binciken hoto. Shi ba ruwansa da mai kama, hoton kansa yake nema, ko an rage girmansa, ko an yanke shi, ko an sauya masa launi. Sakamakonsa bai kai na Google yawa ba, kuma sau da yawa sai ya ce bai sami komai ba, amma yana da abin da ya fi amfani a aikinmu, wato jerawa. Zaɓi "Oldest" ka ga mafi daɗewa a rumbunsa. Zaɓi "Biggest image" ka ga mafi girma. Wannan na biyun almajirai kan raina shi, alhali hoto yana raguwa ne duk lokacin da ya wuce hannu: WhatsApp yana matse shi, wani ya yanke sunan mai ɗauka, wani ya ɗauki hoton allo. Kwafin da ya fi girma, ya fi kaifi, kuma ya nuna abin da babu a gefen naka, shi ya fi kusa da kyamarar da ta ɗauka. In ka same shi, sauke shi ka sake binciken da shi, za ka ga ƙofofin da ba su buɗe ba da farko sun buɗe. Yandex da Bing su ne na uku da na huɗu. Yandex yana da ido a kan gine-gine da tituna, don haka yankin ginin da ka fitar a ba shi.

Mu bi shi har ƙarshe. A ce TinEye ya nuna maka mafi daɗewa a wani shafin Larabci, ya sa masa shekarar 2013. Kada ka rubuta "hoton 2013 ne". Wannan kwanan wata ranar da injin ya fara cin karo da hoton ce, ba ranar da aka ɗauka ba, ba ma ranar da aka ɗora ba. Abin da ya tabbatar maka kawai shi ne hoton ya riga ya wanzu a 2013. Buɗe shafin. A ce labari ne kan gyaran magudanun ruwa, kuma a ƙarƙashin hoton an rubuta أرشيفية. Ka riƙe wannan kalma da kyau, jaridun Larabci suna sa ta ne a kan hoton da suka ciro daga taska, ma'ana ya girmi labarin. In kuma ka ga متداول, shafin yana gaya maka ne shi ma tsinta ya yi, bai san mai shi ba. Abin da kake nema shi ne تصوير da suna a bayanta, ko واس wadda ke nufin kamfanin dillancin labarai na Saudiyya, ko sunan wani kamfanin dillanci na waje a kusurwar hoton.

Tunda hoton ya girmi 2013, ambaliya biyu ce ta rage a lissafinka, ta 2009 da ta 2011. Nan sai ka ajiye binciken hoto ka koma na kalmomi, ka ɗaure shi da kwanan wata:

```
سيول جدة سيارات before:2010-01-01
```

In hoton ya fito a labarin da aka buga kafin ƙarshen 2009, ta 2011 ta fita. Sai dai ka kula da kalanda. Shafukan Saudiyya da yawa da Hijira suke rubuta kwanan wata, kuma ambaliyar 2009 ta faɗo ne ranar 8 ga Zulhajji 1430, alhazai suna Mina. Wanda ya ga 1430/12/9 ya karanta shi a gurguje zai iya rikita wata da rana. Juya shi zuwa kalandar Miladiyya kafin ka rubuta komai, ka kuma bar sararin kwana ɗaya, domin lissafin juyawa kan saɓa da ganin wata da kwana guda.

Malam, to in shafin ya nuna tsohon kwanan wata, shi ke nan an gama?

A'a. Kwanan watan shafi da kwanan watan hoton da ke cikinsa abu biyu ne, kuma a nan ne ƙwararru ma ke zamewa. Hanya uku ake faɗawa. Ta farko, labarin tsoho ne da gaske, amma hotonka ba na labarin ba ne, ƙaramin hoto ne a gefen shafi cikin jerin sabbin labarai, wanda ke sauyawa kullum. Injin ya ga hoton a shafin 2016 ya haɗa su, alhali jiya hoton ya shiga. Ka buɗe, ka ga da idonka cewa hoton yana cikin jikin labarin. In ka buɗe ba ka gan shi ba sam, to wannan ne ya faru, ka watsar da sakamakon. Ta biyu, edita na iya sauya hoton tsohon labari ba tare da kwanan watan ya motsa ba. Ta uku, shafukan Facebook suna iya mayar da kwanan watan abin da suka ɗora baya.

Maganin na farko da na biyu ɗaya ne. Kwafi adireshin shafin ka sa a web.archive.org, rumbun da ke adana kwafin shafukan intanet, ka buɗe kwafin da aka adana mafi daɗewa. In hoton yana cikin kwafin da aka adana a Disamban 2009, wannan shaida ce da mai shafin ba zai iya gyarawa ba. Sannan ka danna hoton da maɓallin dama na linzami, ka buɗe shi shi kaɗai, ka karanta adireshinsa. Shafuka da yawa suna ajiye hotuna a jaka mai shekara da wata, sai ka ga wani abu kamar haka a tsakiyar adireshin:

```
/uploads/2017/11/
```

In labarin ya ce 2011 amma jakar ta ce 2017, an sauya hoton daga baya. Ni dai ba na yarda da kwanan wata sai ya zo daga wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Shafi goma da suka ɗauko daga shafi ɗaya, shaida ɗaya ce.

In aikin ya kai ga awa, kamar a ce kana son sanin wa ya fara ɗorawa yau, ka tuna Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma manhajojin sada zumunta suna nuna lokaci ne bisa agogon mai kallo. Abokin aikinka a Kano zai ga ƙarfe 8, kai da ke Saudiyya ka ga ƙarfe 10, abu ɗaya kuke kallo. Ku mayar da komai agogon Makka kafin ku jera.

In kuma na bi duka injunan huɗu ban sami komai ba fa? Sabo ne ke nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce. Binciken hoto yana iya tabbatar maka cewa hoto tsoho ne. Ba ya iya tabbatar maka cewa sabo ne. Injunan nan abin da ke fili kaɗai suke gani, shi ma ba duka ba. Ba sa shiga zaurukan WhatsApp, ba sa ganin rufaffun zaurukan Facebook, abin da aka sa a Snapchat ya ɓace ba ya shiga rumbunsu, kuma a nan Saudiyya ta Snapchat ɗin hotuna da yawa ke fara fitowa. Hoto zai iya kwana shekara bakwai a wayar mutum bai taɓa hawa wani shafi ba. Sabon hoto na gaskiya ma yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin injin ya gan shi. Kuma hoton da aka ƙirƙira da kwamfuta ba shi da tarihi, don haka shi ma babu abin da zai fito. Ka ga abu uku mabambanta duk amsarsu ɗaya ce, babu sakamako.

Kafin ka yanke ƙauna, duba ko ba daga bidiyo aka ciro shi ba. Alamarsa ita ce hoton a tsaye yake, abin da ke motsi ya yi dishi-dishi, wani lokaci har da guntun maɓallin kunnawa ko sunan asusu a kusurwa. Bidiyon minti ɗaya yana ɗauke da firam, wato hoto ɗai-ɗai, fiye da dubu, kuma injin ya san kaɗan ne daga ciki, galibi wanda aka sa a fuskar bidiyon. Nemi bidiyon da kalmomi. In ka same shi, ƙarin burauza na InVID-WeVerify yana da sashen "Keyframes" da zai yanyanka maka shi gida-gida, ka bincika kowane yanki.

In har yanzu shiru, sai a koma ga hoton kansa. Lambar motar Saudiyya ta yanzu tana da Larabci a sama, boko a ƙasa, da KSA a gefe. In ka ƙara girman hoton ka ga doguwar lamba mai shuɗin zane a hagu, Turai kake kallo, ba Jidda ba. Duba harshen allunan shaguna, da kayan jami'an ceto, da tufafin mutane. Duba sama: in an ce ƙarfe 9 na safe aka ɗauka ana tsaka da ruwa, amma laka ta fara bushewa tana tsagewa kuma inuwa gajera ce ta tsakar rana, maganar ba ta haɗu ba. Idan an ambaci unguwa, buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ka nemi masallaci ko gada ko shataletalen da ke cikin hoton. Wasu unguwannin Jidda an rushe su daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, don haka hoton "yau" da ke nuna gidaje a tsaye inda yanzu fili ne ya tona kansa.

Wannan dabara ta karanta gini za ta yi maka amfani sosai lokacin aikin Hajji, domin Harami yana sauya kama. Hoton ɗawafi da ke nuna zagayayyar gadar wucin gadi a kewayen Ka'aba na tsakanin 2013 ne da 2016. Wanda ke nuna shingen da ya hana taɓa Ka'aba saboda annoba na tsakanin 2020 ne da Agustan 2022. Hotunan faɗuwar ƙugiyar gini ta 11 ga Satumba 2015 da na turmutsitsin Mina na 24 ga watan suna dawowa kusan duk shekara da sabon rubutu, kuma iyalai a Sakkwato da Damagaram da Mai Wurno su ne ke kwana ba barci a kansu.

Abu na ƙarshe shi ne komawa ga wanda ya turo. Kada ka tambaye shi "gaskiya ne?", zai ce e. Tambaye shi wa ya turo masa, ka bi sarkar baya har ka kai ga wanda ya ce shi ya ɗauka. Sunan fayil irin IMG-20221124-WA0007.jpg ranar da hoton ya shiga wannan wayar yake nunawa, ba ranar ɗauka ba. WhatsApp yana goge bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin fayil in an tura shi a matsayin hoto, amma in an tura ta "Document" suna zuwa. Ce wa mai hoton ya turo haka, ya haɗo da wanda ya ɗauka kafinsa da wanda ya ɗauka bayansa. Wanda ya tsaya a wurin da gaske ba ya rasa su. Sai ka karanta bayanan fayil ɗin da manhajar exiftool:

```
exiftool -DateTimeOriginal -Model -GPSPosition hoto.jpg
```

Zai nuna lokacin ɗauka, da irin wayar, da wurin in mai ita bai kashe ba. Ana iya gyara waɗannan bayanai, agogon waya ma yana iya zama ba daidai ba, don haka ƙari ne a kan sauran shaidu. Kuma ka lura, hoton da ke nuna fuskar mamaci ko ta yaro, ko wanda majiya ta ba ka a asirce, ɗora shi a injin bincike miƙa shi ne ga wani kamfani. Yanke fuskar, ka bincika da bangon da ke baya.

To me zan rubuta wa edita?

Ɗaya daga cikin uku, kuma kada ka faɗi fiye da abin da ka gani. In ka sami tsohon kwafi tabbatacce, rubuta: hoton ba na yau ba ne, yana cikin labarin da aka buga ranar kaza, kuma an adana shafin ranar kaza. Kada ka ce ranar aka ɗauke shi sai ka ga sunan mai ɗauka da bayaninsa. In ka kai ga mai hoton, fayil da wuri da yanayin sama duk sun dace, rubuta an tabbatar, ka nemi izininsa a rubuce, ka tambaye shi ko yana son a sa sunansa. In ba ka samu ko ɗaya ba, rubuta ba a tabbatar ba, hoton ya zauna, labarin ruwan ya fita da sanarwar hukumar yanayi da ta jami'an kare farar hula da abin da wakilinmu ya gani. Buga shi da rubutun "hoton da ke yawo" ba mafita ba ce, domin mai karatu hoton yake gani, kuma da tambarinmu a jikinsa za a ci gaba da tura shi.

Ko wanne ne a cikin ukun, ka haɗa jaka ɗaya: fayil na asali yadda ya zo, sunan zauren da lokacin da ya shigo, injunan da ka gwada da yankin da ka ba kowanne, adireshin shafukan da ka dogara da su, da hoton allon kowanne da kwanan watansa a fili. Shafin da ba a taɓa adanawa ba, ka adana shi da kanka ta "Save Page Now" a web.archive.org, don masu shafi kan goge abu da zarar an fara tambaya. In za mu buga gyara don mutane su daina yaɗawa, a rubuta "tsohon hoto" da shekararsa da manyan baƙaƙe a tsakiyar hoton, inda ba za a iya yankewa ba. Duk wannan, in hoton tsoho ne sananne, minti 15 zuwa 20 ya isa. In ka kai awa ɗaya ba ka ga haske ba, sanar da edita ya nemi wani hoton daga wakilinmu, kai kuma ka ci gaba da bin wanda ya turo.